Motoci shida, inshora ɗaya: ka fara karanta takardar da ke hannunka

Tambaya: Ina da motocin raba kaya guda biyar a Kano, muna kai lemo da ruwan roba shaguna, sai kuma bas ɗaya ƙirar Hayis da ke haya tsakanin Kano da Wudil. Ƙanina ne ke sabunta mana takardu kowace shekara, yana biyan naira 15,000 na inshorar kowace mota. Yanzu wani dillali ya ce in haɗa su duka a cikakkiyar inshora guda ɗaya, zai samo mini a kashi 2 cikin 100 na darajar motocin. Shin in karɓa, ko kuwa in tara kuɗin in ƙaro mota ta bakwai, tunda ba mu taɓa yin babban haɗari ba?

Amsa: Alhaji, kafin maganar dillali da maganar mota ta bakwai, wannan naira 15,000 ita ce ta tsaya mini a rai, domin ita kaɗai ta nuna cewa ba ka taɓa zama ka karanta takardun motocinka ba. A farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023, naira 15,000 kuɗin inshorar ɓangare na uku ne na motar gida, wadda mutum ke hawa shi da iyalinsa, kuma abin da take biya idan an lalata dukiyar wani bai wuce naira miliyan 3 ba. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita tana wani aji daban, kuɗinta naira 20,000, iyakarta kuma miliyan 5. Bas ɗin da ke ɗaukar fasinja da kuɗi shi ma ajinsa daban ne. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko dai an yi wa motocin kasuwancinka takardar motar gida, ko kuma takardun na bogi ne daga irin waɗanda ake bugawa a bakin ofishin lasin. Ban ce ƙaninka ya cuce ka ba, mai yiwuwa shi ma abin da aka miƙo masa ya karɓa, amma ka ɗora dukiyar miliyoyin naira a kan takardar da ba wanda ya duba.

Tantancewa ba ta da wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, wanda jami'an hanya ma da shi suke dubawa. Ka shiga askniid.org ka saka lambar mota, ko ka danna wannan a wayarka:

```
*565*11#
```

Idan motar ba ta fito ba, akwai babbar alamar cewa ba ka da inshora, komai kyan hatimin da ke kan takardar. Idan ta fito, sai ka ɗauko takardar ka nemi wurin da aka rubuta irin amfanin da aka yarda a yi da motar. A nan ake kayar da mutane. Na san wani mai gidan burodi da direbansa ya daki wata motar alfarma a mahaɗar titi da safe, motar cike da burodi. Takardarsa ta gaske ce, kamfanin ma na gaske ne, amma an rubuta cewa motar ta zirga-zirgar gida ce. Jami'in kamfanin ya duba hoton haɗarin, ya ga tambarin gidan burodi a jikin motar da burodi warwatse a kan kwalta, sai kamfanin ya ce ba da wannan aikin aka yi yarjejeniya ba. Daga aljihunsa ya gyara motar mutane, ya gyara tasa, kuma duk abin da ya rage wa kansa a farko bai wuce naira dubu biyar ba.

Ko da takardunka sun zama ingantattu, ka sani inshorar ɓangare na uku ba ta gyara motarka. Tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, a jikinsa ko a dukiyarsa. Idan bas ɗinka ya faɗi a hanyar Wudil ya zama ƙarfe, ko sisi ba za ka samu ba.

Yanzu ga maganar dillali. A wannan umarni na NAICOM an ce kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta, bayan an cire duk wani rangwame. Bari mu yi lissafi da ƙiyasi, kai ka saka naka adadin. Mu ce kowace motar kaya za ta yi naira miliyan 12 a kasuwa yau, biyar ɗin miliyan 60 ke nan, bas ɗin kuma miliyan 18, jimla miliyan 78. Kashi 5 na wannan shi ne miliyan 3 da dubu 900 a shekara. Kashi 2 na dillali kuwa miliyan 1 da dubu 560. Tambayar da ya kamata ka yi masa ita ce ta ina zai sauko da shi haka, kuma hanyar da aka fi bi ita ce rage darajar motar a rubuce. Motar miliyan 12 sai a rubuta ta miliyan 4 da dubu 800, a ɗauki kashi 5 na wannan, ya ba da naira 240,000, wanda daidai yake da kashi 2 na ainihin darajar. A takarda an bi doka, kai kuma kana murna ka samu araha. Ranar da aka sace motar ko ta ƙone, abin da za a ba ka ba zai wuce miliyan 4 da dubu 800 ba, kuɗin da ba zai mayar maka da rabin motar ba. Idan kuma gyara ne na miliyan 3, kuma yarjejeniyar tana da sharaɗin biya gwargwadon darajar da aka bayyana, kashi 40 cikin 100 kawai za a lissafa maka, wato miliyan 1 da dubu 200, sannan a cire kason da aka ce mai mota ne zai ɗauka da kansa a kowane haɗari. Wannan kason ma ka tambaye shi tun kafin ka biya, domin wasu suna sauko da farashi ne ta hanyar ɗaga shi har ya zama ƙananan haɗura duk kai ne za ka riƙa biya.

Haɗa motocin a yarjejeniya ɗaya shawara ce mai kyau, amma amfaninta a tsari yake, ba a araha ba. Za ka samu ranar sabuntawa guda ɗaya maimakon shida, da jadawali ɗaya mai ɗauke da lambar kowace mota da lambar shasi da darajarta, kuma idan ka sayi mota ko ka sayar a tsakiyar shekara, rubutawa kawai za ka yi a ƙara ta ko a cire ta, a lissafa maka kuɗin watannin da suka rage. Sai dai motar da ba ta cikin jadawalin ba ta cikin inshora, ko da tana kwana a gareji ɗaya da sauran. Ba dole ba ne kuma duka su zama aji ɗaya. Da ni ne, bas ɗin da motocin kaya masu sauran ƙarfi zan yi wa cikakkiya, tsohuwar da darajarta ta faɗi kuma in bar ta a ɓangare na uku na ajin da ya dace, in riƙa ware kuɗin gyaranta a gefe. Naira 600,000 a shekara kan motar miliyan 12 kusan naira 2,000 ce a kowace ranar aiki. Idan motar ba ta iya fitar da wannan bayan mai da albashin direba, to matsalar tana cikin farashin da kake raba kaya, kuma ƙaro mota ba zai gyara ta ba.

Bas ɗin ya fi ba ni tsoro fiye da motocin kayan biyar a haɗe, saboda rayuka yake ɗauka. Ka sa a nuna maka a rubuce cewa fasinjojin da ke biyan kuɗin mota suna cikin yarjejeniyar, nawa aka ware wa kowane mutum, kuma kujeru nawa aka rubuta. Idan an rubuta goma sha huɗu, direbanka kuma yana cusa goma sha takwas da buhuna a saman mota, ka ba kamfanin hujjar jayayya da hannunka. Lemon da ke cikin motocin kaya shi ma ba ya cikin inshorar mota, yana da tasa ta kayan da ke kan hanya. Haka lalacewar inji ko giya saboda tsufa, wannan aikin bakanike ne. Ambaliya da tarzoma da satar da direbanka ya yi da kansa, ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa sai an ƙara su da kuɗi daban, ko kuma an cire su gaba ɗaya.

Duk wannan yana komawa ga riƙon takardu, wanda shi ne rauninka. Kamfani ba ya biya da labarin baki. Zai nemi lasin direban da ke tuƙi a ranar, mai rai kuma na ajin motar, da rahoton 'yan sanda, da hotuna, da ƙiyasin gyara kafin a taɓa motar. Idan yaron mota ne ya karɓi sitiyari saboda direba ya tsaya cin abinci, magana ta ƙare. Ka buɗe wa kowace mota fayil, ka ajiye kwafin lasin kowane direba da ranar ƙarewarsa, ka kuma rubuta wa ya fita da wace mota kullum. Ka gargaɗi direbobi kada su amsa laifi ko su yi alkawarin biya a bakin titi, duk da na san al'adarmu ta sulhu nan take, domin yarjejeniyar tana hana hakan ba tare da izinin kamfani ba. Su kira ka, kai kuma ka sanar da kamfanin a ranar.

Kuɗin kuma kada ya sake bi ta hannun ɗan'uwa ko asusun wani mutum. Ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce idan kuɗi bai shiga ba, babu kariya. Ka biya kai tsaye a asusun kamfanin ko na dillali mai rajista da NAICOM, ka karɓi rasit, bayan 'yan kwanaki ka sake duba lambobin a NIID. Idan zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisi irin su Noor da Jaiz da Salam, waɗanda ke tara gudummawar mahalarta a asusu ɗaya su kuma raba rarar da ta saura, amma sharuɗɗan ajin mota da lasin direba da gaskiyar daraja suna nan a can ma.

Maganar cewa ba ku taɓa yin babban haɗari ba, Allah Ya ƙara tsarewa, amma ba lissafi ba ce. Mota ta bakwai ta jira shekara guda. A wannan makon ka duba lambobin shida, ka samo ƙiyasin darajar kowace mota daga dilolin mota biyu, sannan ka nemi farashi a rubuce daga kamfanoni uku a kan jadawali iri ɗaya, kowanne ya nuna darajar da ya rubuta da kason da za ka ɗauka da abin da ya cire. Shi ma dillalinka ka ba shi wannan jadawalin ya kawo nasa a rubuce, ka ga ko kashi 2 ɗin zai tsaya.