Kafin ki kira mai gyaran firinta

"Anti, ina kwana? Tun jiya firintar nan take ta riƙe takarda, ga shi kuma ta rubuto Toner Low. In kira mai gyara ne?"

Lafiya lau ƙanwata, ya sabon aiki? A'a, dakata tukuna, kada ki kira kowa.

Wannan rubutun gargaɗi ne kawai, tonar ba ta ƙare ba. Ki buɗe murfin gaba, ki zaro katirij ɗin, wato mazubin garin tonar, ki riƙe shi a kwance, ki jijjiga shi dama da hagu a hankali kamar sau biyar, ki mayar. Sai rubutu ya fara dusashewa za ki sa sabo. Akwai guda ɗaya a durowar ƙasa, kuma ranar da kika buɗe shi, a ranar za ki rubuta a sayo wani. Lambarsa na jikin kwalin, ita za ki ba mai saye. Amma in kika ga baƙin ɗigo yana maimaita kansa a shafi, tazara iri ɗaya daga sama zuwa ƙasa, to wannan yawanci diram ne, wato silindar da ke ɗora tona a kan takarda, sauya tona ba zai magance shi ba.

Yauwa, riƙe takardar. Shi na fi so ki gane. Yawanci takardar ce ta sha danshi. Rim ɗaya falle 500 ne, tiren kuma 250 yake ɗauka, saboda haka rabin da ya rage ki nannaɗe shi cikin ledarsa, kada ki bar shi a buɗe. Kafin ki zuba, ki karkaɗa bakin takardun su rabu, kuma kada su wuce layin da ke jikin tiren. In ta riƙe, ki kashe injin, ki jira ya huce, don wajen da ke gasa tonar yana da zafi sosai. Ki ja da hannu biyu a hankali, ta inda takardar take tafiya. Na taɓa fizga da ƙarfi, guntun da bai kai farce ba ya maƙale a ciki, muka kwana biyu ba aiki.

In kuwa kin ji tana ta juyi amma ba ta ɗauki komai ba, rola ce. Ki zare tiren, ki leƙa sama, za ki ga ɗan tayan roba. In ya yi sulɓi yana sheƙi, ki goge shi da tsumma mai ɗan laima, ki bari ya bushe.

Af, na kusa mantawa. Wani lokaci za ta tsaya tana neman takarda alhali tiren a cike yake. Kwamfutar wanda ya turo aikin ce take kan girman takarda na Letter, mu kuwa A4 muke zubawa. Ki soke aikin, ki shiga Printing Preferences a kwamfutarsa, ki mayar da Paper Size zuwa A4, sannan a sake turowa.

Ki fara da rolar yanzu, ki faɗa mini abin da kika gani.