Tambayoyinku: Tarihin kai kala uku a fayil ɗaya

Tambaya: Malam, ni mai ɗaukar hoto ce a Zariya. An gayyace ni taro, sai mai gabatarwa ya karanto tsohon tarihina, har da wurin aikin da na bari. Yaya zan tsara abin?

Amsa: Hajiya, ko ban ga wayarki ba na san abin da ke ciki: fayil biyar, wannan "sabo", wancan "sabon sabo", ga wani "na ƙarshe wallahi". Da aka nema, wanda hannunki ya fara taɓawa kika tura.

Ki buɗe fayil ɗaya tak a Google Docs, ki fara da dogon tarihin, kalma 300 zuwa 400: karatu, wuraren aiki, manyan ayyuka, kowanne da shekararsa. Daga shi za ki tsamo matsakaici, kalma kamar 100, wanda ake karantawa a taro. Shi ana rubuta shi da "ita", tunda wani ne zai karanta. Gajeren kuma jimla ɗaya ko biyu ne, domin a wurin tarihin kai Instagram haruffa 150 yake karɓa, X kuma 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: masu rubuta "shekara bakwai ina wannan sana'a". Baɗi war haka jimlar ta zama ƙarya, kuma babu wanda zai tuna ya gyara. Ki rubuta shekarar farawa: "Mai ɗaukar hoton biki da kayan kasuwa, Zariya. Ina aiki tun 2018." Haruffa 65 ke nan, kuma ba ta tsufa. Haka "kwanan nan" da "bana", ki share su duka.

Dogon shi ake fara taɓawa, duk ranar da kika kammala wani aiki, tun ba ki manta ba. Matsakaicin sai sabon aikin ya fi wanda ke ciki nauyi, ki cire ɗaya ki sa ɗaya. Gajeren ba ya motsi sai sana'a, muƙami ko gari ya canja, amma ranar da ya canja ki bi duk shafukanki ki sauya. Shi ya sa nake son a jera sunayensu a ƙasan fayil ɗin, da ranar gyaran ƙarshe.

Tambaya: Na goge wani sakin layi, yanzu ina son sa.

Amsa: A kwamfuta, File, sai Version history. Yana nan, Malam.

Tambaya: Instagram ya ƙi karɓar nawa, wai ya yi tsawo.

Amsa: Ranka ya daɗe, cire "haziƙi", "jajirtacce" da furannin nan. Kafin ka liƙa, zaɓi gajeren kaɗai a Docs, ka danna Ctrl+Shift+C ka ga adadin haruffansa.