Diyapo 186, jarrabawa ta ƙarato: yaya zan taƙaita su?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta sashen tattalin arziki, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai. Malaminmu ya ba mu diyapo 186 na PowerPoint, saura mako uku jarrabawa. Ina son in maida su taƙaitaccen rubutu, kowane batun jarrabawa da wurinsa, amma kwafa ɗaya bayan ɗaya ta gajiyar da ni. Ina da salula, ina kuma aron kwamfutar yayana. Wasu darussan ma PDF aka turo mana a WhatsApp.

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Ki bar kwamfutar a rufe tukuna. Ki nemo takardun jarrabawar wannan darasi na shekaru uku ko huɗu da suka wuce, wajen wakilin ajinku ko ƴan shekara ta biyu, ki haɗa da takardun atisayen da aka raba muku. Ki bi su tambaya bayan tambaya, kina rubuta a gefe abin da kowace ke nema. Kafin ki gama za ki ga batutuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa, mai yiwuwa bakwai ko takwas. Waɗannan su ne kanun rubutunki. Malam ya jera diyaponsa bisa makonnin koyarwa, mai tambaya kuwa ba ruwansa da mako, yana iya haɗa abin da aka koya a farkon zango da na ƙarshensa cikin tambaya guda. Idan malamin sabo ne a darasin, ki fi dogara da atisayen bana, don tsoffin takardun na wani ne.

Yanzu sai kwamfuta. Zan ba ki sunayen maɓallan da Faransanci, tunda haka yawancin injunanmu suke. Ki buɗe fayil ɗin a PowerPoint, ki shiga `Affichage`, ki danna `Mode Plan`. A hagu za ki ga kan kowace diyapo da rubutun da ke ƙarƙashinsa, ba hoto ba ado. Kada ki yi sauri a nan, domin abin da kika gani a wannan gefe shi kaɗai ne zai fita. PowerPoint yana ɗaukar rubutun da aka zuba a gurbin kai da gurbin bayani na asali ne kawai. Duk abin da malam ya sa cikin akwatin rubutu da ya zana da kansa, ko cikin tebur, ko zane, ko hoton da ya ɗauko daga littafi, za a bar shi a baya, kuma ba wani gargaɗi da zai fito ya gaya miki. A darasi irin naku wannan babbar asara ce, don ƙa'idojin lissafi da zanen layin buƙata da na wadata galibi a irin waɗannan wurare suke zama, su ne kuma ake tambaya.

Gane su ba wuya. Ki sauka a hankali, duk diyapon da kika ga kai kawai babu komai a ƙasa, ko lamba tsirara, alhali a dama cike take, ki rubuta lambarta a takarda. Ki kuma leƙa ƙasan diyapo, wurin `Notes`. Wasu malamai a can suke ajiye bayanin da suke yi da baki a aji, kuma shi ma ba ya bin rubutun idan an fitar.

Daga nan `Fichier`, `Enregistrer sous`, a wurin `Type` ki zaɓi `Plan/RTF (*.rtf)`. Ki buɗe sabon fayil ɗin da Word. Zai zo da manyan haruffa kamar allon talla, shafuka tuli. Ki danna `Ctrl+A` sannan `Ctrl+Espace`, girman da ya ɗauko daga diyapo ya sauka, sai ki adana shi a matsayin `.docx`.

Abin da ya sa na bi da ke ta wannan hanya maimakon kwafa da liƙawa shi ne, Word yana karɓar kan kowace diyapo a salon `Titre 1`, layukan ƙasansa kuma `Titre 2` zuwa ƙasa. Wato kowace diyapo ta zama ƙunshi guda da za a iya ɗauka a kai wani wuri. Ki shiga `Affichage`, `Plan`, ki zaɓi duka da `Ctrl+A`, ki danna `Alt+Maj+→` sau ɗaya. Kowane kai ya sauka mataki guda, matakin sama ya zama fanko. Ki koma shafi na yau da kullum, ki rubuta batutuwan nan naki a saman fayil, kowanne a layinsa da salon `Titre 1`. Sai ki kunna `Volet de navigation`, ki danna maɓallin dama a cikinsa ki ce ya nuna kanu zuwa mataki na 2 kawai. Yanzu ki riƙa jan kan diyapo da linzami kina sakinsa ƙarƙashin batun da ya dace, rubutunsa zai bi shi. Amma kafin ki ja ko ɗaya, ki sa lambar diyapo a gaban kanta, kamar D47, domin fayil ɗin RTF ba ya zuwa da lambobi, kuma da zarar kin hargitsa jerin, komawa ga asali zai zame miki wahala. Aikin da ɗan gundura, amma bai kai awa ɗaya ba. Ki buɗe batu na ƙarshe mai suna "ba a taɓa tambaya ba", ki tura gabatarwa, tarihin masana da diyapon godiya can. Kada ki goge su.

Bari mu gwada da batu ɗaya da ba ya ɓacewa a shekarar farko, `élasticité-prix de la demande`, wato yadda masu saye ke ja da baya idan farashi ya hau. A ce a fayil ɗinki yana D41 zuwa D50 cikin babin buƙata, ya sake fitowa a D118 da D119 inda ake maganar ɗan kasuwar da ba shi da abokin gasa, sannan D152 da D153 wajen haraji. Diyapo 14 ke nan daga babi uku, yanzu suna jere wuri ɗaya. A ce kuma D43 da D46 suna cikin waɗanda kika rubuta a takarda: ta farko ƙa'ida ce, ta biyu zane.

A nan aikin inji ya ƙare. Ba na ba ki shawarar ki zauna kina yanke jimlolin malam har su gajarce, don abin da zai rage maganarsa ce mai giɓi, wadda ido zai gane amma hannu ba zai iya rubutawa ranar jarrabawa ba. Ki karanta goma sha huɗun a jere, ki rufe, ki ɗauki sabon shafi ki rubuta da kalmominki, da Faransancin da za ki amsa da shi. Layi ɗaya na ma'ana. Sai ƙa'idar, wadda za ki kwafo da hannu daga D43, inda Q ke nufin yawan kayan da aka saya, P farashi, Δ kuma canji:

```
e = (ΔQ / Q) / (ΔP / P)
```

Sai yadda ake fassara sakamako: idan aka ajiye alamar ragi, ƙasa da 1 na nufin masu saye ba su gudu sosai ba, sama da 1 kuwa sun gudu fiye da hawan farashin. Sai misali ɗaya da kika lissafa da kanki. A ce tiyar hatsi ta tashi daga sefa 800 zuwa jika ɗaya, ƙarin kashi 25 cikin ɗari, mai shago kuma da yake sayar da tiya 200 ya koma 180, ragin kashi 10. Raba -10 da 25, kin samu -0,4. Kuɗin da ya shiga aljihunsa ya tashi daga 160.000 zuwa 180.000 duk da cinikin ya ragu. Wannan misali guda ya riƙe miki diyapon da ke nesa. Na D118, ɗan kasuwa marar abokin gasa ba zai tsaya inda adadin bai kai 1 ba, tunda ƙara farashi zai ƙara masa kuɗi ya kuma rage masa kayan da zai fitar. Na D152, nauyin haraji ya fi faɗa wa ɓangaren da ya fi kasa gudu, tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kowanne layi ɗaya ya ishe shi, da lambar diyapo a gefe. Zanen D46 ki zana shi da biro, kada ki liƙa hotonsa, tunda da biro za a ce ki zana. A ƙasa ki rubuta tarkon da ɗalibai ke faɗawa: raba canjin da sabon farashi maimakon na farko, ko mance alamar ragi. Ki duba ma ko malaminku da matsakaicin farashin biyu da matsakaicin yawan kayan biyu yake rabawa, don wannan hanya tana ba da kusan -0,47 a misalin nan, kuma tasa za ki bi.

Shafi ɗaya ke nan, ko ƙasa da haka. Idan wani batu ya haura shafi biyu, ko dai kwafa kike yi, ko batutuwa biyu ne kika cusa wuri guda. Gwajinsa kuma mai sauƙi ne: ɗauko tsohuwar tambaya, ki amsa ta da shafin kawai a gabanki. Inda kika maƙale, lambar diyapo za ta kai ki wurin da kika tsallake, ki ƙara layin da ya ɓace.

Game da na PDF, ki buɗe shi a salula ki danne kalma ɗaya da yatsa. Idan ta zaɓu, rubutu ne na gaske, Word daga na 2013 zuwa sama yana buɗe shi ya maida shi abin gyarawa, sai dai kada ki sa rai kanun za su zo a tsare, ke za ki sa musu salon `Titre 2` kafin ki fara ja. Idan ba ta zaɓu ba, hoto ne. Ki ɗora shi a Google Drive daga kwamfuta, ki danna maɓallin dama, `Ouvrir avec`, `Google Docs`, zai karanto haruffan. Ya fi aiki da ƙaramin fayil wanda bai wuce mega 2 ba, don haka babba sai an rarraba shi. Jimloli suna fitowa da kyau idan hoton ya fito sarai, amma tebur yakan wargaje, alamar Δ da ƙananan lambobin saman harafi kuma sukan rikiɗe ko su ɓace. Duk ƙa'idar da ta bi ta wannan hanya ki gwada ta da asali, harafi da harafi. Mafi sauƙi dai, ki sa wakilin aji ya roƙi malam fayil ɗin PowerPoint na asali.

Salula ba ta dace da jan kanu ba, don haka ranar da kwamfutar yayanki ta zo hannunki, fitar da rubutu da jera shi za ki fara yi, ki adana shi PDF ki tura wa kanki. Rubutun taƙaitawa ba ya buƙatar kwamfuta, ko an ɗauke wuta kina iya yinsa da takarda da biro, jerarren fayil ɗin yana buɗe a salula.