Ɗankwali na mai jiki ne, fuska kawai ka aro

"Oga barka da dare. Don Allah wannan aikin canjin fuskar da ka bar min na sin ɗin tsakar gida ya ƙi min. Fuskar ta zauna daidai amma wajen goshi ne matsala, fata tana hawa kan ɗankwalin, in ta juya kai kuma bakin ɗaurin sai ya riƙa rawa. Na ƙara bula har na gaji abin sai ƙara lalacewa yake. Ina na yi kuskure?"

Yauwa ƙanena, na buɗe fayil ɗin na gani, kuma kafin komai ka sauke bular nan, ita ce ta mayar da ƙaramin ciwo babba. Bula aikinta ta narkar da bakin fuskar da ka ɗora cikin abin da ke ƙarƙashinta, to a kumatu da haɓa fata ce ke haɗuwa da fata shi ya sa take kyau a can, amma a goshi fata ce ke haɗuwa da atamfa, kuma a zahiri bakin ɗankwali layi ne mai kaifi, babu wanda fatarsa ke narkewa cikin yadi. Duk sanda ka ƙara ta, launin fata kake shafawa a kan zanen atamfar.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne ɗankwalin nan ba na jarumar ba ne, na yarinyar da ta tsaya mata ne ranar da muka yi shutin a Pantami. Jiki nata, ɗauri nata, inuwar da ɗaurin ya yi a goshi ma tata ce. Fuska kaɗai muka aro, ita ma da yardar su biyun a rubuce, ka san ba na taɓa fuskar mutum sai da wannan takardar kuma kai ma kada ka taɓa. Saboda haka mas ɗinka, wato iyakar da ka shata wa kwamfuta cewa daga nan zuwa nan za ki canja, dole ya tsaya cak a inda yadi ya fara.

Me ya sa kwamfutar ba ta gane haka da kanta ba? Lokacin da DeepFaceLab, manhajar canjin fuskar da muke aiki da ita, ke ciro fuska daga firem, ɗigo 68 take sawa a kanta, ta bi muƙamuƙi, baki, hanci, idanu, sai gira. Daga gira ɗigon ya ƙare, babu ko ɗaya a goshi. Kenan abin da ke sama da gira ba ta san shi ba, ba ta bambance goshi da hula ko kallabi, kintace kawai take yi. Kai kuma ka ciro fuskokin da `wf`, wanda yankansa ya haɗa da goshi gaba ɗaya, kuma hakan daidai ne don ɗaurin yarinyar a karkace yake, ya rufe rabin girar hagu amma gefen dama goshi a buɗe yake sosai. Da `f` ka ɗauka da ya tsaya kaɗan sama da gira, sai ka samu goshi kala biyu a dama. Kuskurenka ɗaya ne, ka ɗauki `wf` ba ka zana mas da hannu ba.

To ga yadda za ka yi gobe in an kawo wuta. Sin ɗin sakan 40 ne a firem 25 duk sakan, firem 1000 kenan, ba duka za ka zana ba. Ka buɗe wannan, shi ne editan zana mas:

```
5.XSeg) data_dst mask - edit.bat
```

Ka zaɓi kamar firem 50 zuwa 60, amma ba a jere ba don Allah, firem ashirin da take zaune ba motsi darasi ɗaya ne a wajen kwamfuta. Nemo inda ta kalli dama, inda ta kalli hagu, inda ta sunkuya tana zuba ruwa a buta ɗaurin ya sauko har ya kusa taɓa ido, inda ta ɗaga kai, da inda ta fito daga inuwar rumfa zuwa rana. A kowanne ka zagaye fuska, ka bi muƙamuƙi yadda ka saba, in ka iso goshi ka bi bakin yadin kana ɗan shigowa ta ɓangaren fata da kaɗan, kamar kaurin zare. Gara ka bar siririyar fatar mai jiki a waje da ka haɗiye yadi a ciki, don waccan fatar gyaran launi zai ɓoye ta amma atamfar da ka cinye ba ta dawowa. Inda harshen ɗaurin ya leƙo kan gira kuma, ka zagaye shi da alƙalamin cirewa, wanda ke cewa nan ba fuska ba ne.

Kuma hannunka ya zama ɗaya. Wannan shi ne sirrin rawar da kake gani. In a wannan firem ka bi bakin yadi, a na gaba ka shiga ciki da yawa, a wani ka hau kan yadin, to ka koya mata abu uku masu karo da juna, ita kuma sai ta riƙa tsalle tsakaninsu daga firem zuwa firem. Ka yanke shawara tun farko inda layinka zai riƙa bi, ka tsaya a kai har ka gama.

Akwai wata rawar kuma da ba daga mas take ba. Da yake ɗaurin ya rufe rabin gira, ɗigon girar hagu wani lokaci sai su kama ninkin yadi su ɗauka gira ce, sai fuskar gaba ɗaya ta ɗan karkace a firem ɗin. Yadda za ka gane, shiga `aligned_debug`, foldar da ke nuna ɗigon a kan kowane firem, ka riƙa wuce hotunan da sauri, inda ɗigon suka yi tsalle idonka zai kama. Na hango wajen da ta sunkuya akwai irinsu. Ka goge waɗannan daga cikin `aligned_debug` ɗin ka sake ciro su da hannu, in ba haka ba ko ka zana mas mai kyau kamar me rawar ba za ta daina ba.

Bayan zane sai ka kunna `5.XSeg) train.bat` ka bar shi, kana duba hoton gwajin da yake nunawa. In ka ga bakin mas ya kwanta lafiya a kan layin ɗaurin a kowane juyi, ka tsayar, ka ɗora shi kan firem ɗin duka, sannan ka koma cikin editan ka duba waɗanda ba ka zana ba. Za ka tarar da inda ya kauce, ka zana goma ko sha biyar daga cikinsu ka sake kunnawa. Ni sau biyu zuwa uku nake wannan zagayen, ban taɓa samun wanda ya fito daidai a karon farko ba in akwai ɗauri.

Yanzu ɓangaren jarumar, wanda na san ba ka duba ba. Hotunanta da ka tara a `data_src` na ga kusan duka da hijabi ne wanda ya sauko har kan gira. To daga ina kwamfuta za ta san kamannin goshinta? Abin da ba ta gani ba ba za ta zana ba, shi ya sa a gefen dama kake ganin wani dishi-dishi kamar an goge da tsumma. Wannan ya taɓa kama ni a wani aikin talla shekarun baya, mutumin duk bidiyonsa da zanna bukar ya danno ta gaba, wanda ya tsaya masa kuma ya tura tasa hular baya, da na haɗa sai ga inuwar aikin hula ta fito a tsakiyar goshi kamar tabo, kwana biyu ina neman laifin a wajen haɗawa alhali laifin yana cikin hotunan da na ba ta tun farko. Dokar ita ce goshin mai fuska da ka tara ya kai ko ya fi wanda ke buɗe a jikin mai tsayawa. Ka ciro daga sin ɗin ɗakin da muka ɗauka tana da ɗankwali ɗaure ta baya, akwai goshi sosai a can, ka ƙara su. Su ma ka zana musu mas, ka fitar da hijabin waje, in ka bar shi ciki za ta ɗauka yadin ma fuska ne. Sannan ka sake kunna `5.XSeg) train.bat`, ka ɗora mas ɗin a ɓangarorin biyu ka ci gaba da tirenin ɗin fuskar na wasu awanni don ta koyi sabuwar iyakar.

Wajen haɗawa, ka danna `X` har yanayin mas ya kai `XSeg-prd*XSeg-dst`. Ma'anarsa sai inda duka biyun suka yarda fuska ce za a canja, in ɗaya ya ce yadi ne an bar shi. Sai `erode_mask_modifier`, wanda ke janye bakin mas ciki, da `blur_mask_modifier`. Ni a irin wannan kusancin kamara nakan fara da janyewa 10 zuwa 15, bula 30 zuwa 40, ba 150 da ka kai ba. Ka janye tukuna sannan ka sa bula, don laushin ya faɗa kan fata. Ka duba da idonka a firem ɗin da ta sunkuya, in can ya yi to sauran ma za su yi.

Ka lura fuskar ta ɗan yi ja-ja? Ba kamara ba ce. Gyaran launi na `rct` yana auna launin abin da ke cikin mas ne ya daidaita fuskar da shi, jar atamfa kuma ta shiga cikin mas ɗinka, sai ta shiga lissafi. Da ka gyara iyakar jan zai tafi da kansa. Abin da ba lallai ya dawo da kansa ba shi ne inuwar da ke ƙarƙashin bakin ɗaurin, siririn duhun nan. In babu shi ɗankwalin sai ya zama kamar an manna shi da gam, mai kallo ba zai iya faɗin me ke damunsa ba amma zai ji wani abu ba daidai ba. In ya ɓace, ka mayar da shi a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, ka zana siririn yanki da ke bin bakin yadin ka ɗan rage masa haske.

Gashi kuma in ya zo a dunƙule, kamar kitso ko gaban gashi da ya kwanta, daidai yake da hula, ka zagaye shi ka wuce. Silin gashi ɗaya-ɗaya da ya sauko goshi shi ne ba ya zanuwa, ya fi ƙarfin mas, ko ka zana zai riƙa ɓacewa yana dawowa. Turawa kan ware shi ta bambancin haske a inda gashi ya fi fatarsu duhu nesa ba kusa ba, mu nan baƙin gashi a kan baƙar fata tazarar kaɗan ce, musamman a inuwa, dabarar ba ta cika yi mana ba. A sin ɗinka sili biyu ne kawai kusa da kunnen dama, ka bar fuskar ta rufe su gaba ɗaya daga farkon sin har ƙarshe, babu wanda zai nemi gashin da bai taɓa gani ba. In da yawa ne sai dai a ɗora bidiyon asali a sama a bi su firem bayan firem, shi ya sa kake ji na a wajen shutin ina cewa a tura gashi cikin ɗankwali a kuma ɗaure shi tamau kada ya zame tsakanin ɗauka da ɗauka.

Ka fara da firem ɗin butar nan. In ka zana goman farko ka turo min hotonsu in ga layinka kafin ka ɓata dare a kan sauran.