Saƙon waya mai gauraye, da yadda ake mayar da shi sanarwar wurin aiki

Maigida, manaja kan turo mini saƙo ta waya, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce in mayar da shi sanarwa a liƙa wa ma'aikata. Ina canza kalmomin Turancin zuwa Hausa ɗaya bayan ɗaya, amma idan na gama sai in ji abin bai zauna ba. Ta ina zan fara?

Yaro, ba zai zauna ba, domin ka fara daga inda ya kamata ka ƙare. Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin magatakarda musanyar kalmomi ne, a cire wannan a sa waccan. Saƙon waya magana ce ta mutum mai sauri, wanda ya san abin da ke ransa, yana kuma zaton kowa ya sani. Sanarwa kuwa takarda ce da mutum hamsin za su karanta a bango, babu wanda zai tsaya kusa da ita yana yi musu bayani, kuma gobe ana iya cire ta a kafa hujja da ita a kan albashin wani. Saboda haka kafin ka taɓa kalma ko ɗaya, ka ciro hukuncin da ke cikin saƙon: me aka yanke, wa ya shafa, daga yaushe zuwa yaushe, me zai sami wanda ya saɓa. Ka rubuta waɗannan huɗu a gefen takarda. Duk wanda ka kasa cikewa daga saƙon, to ba kai za ka cike shi ba, mai saƙon ne.

Ga saƙon da ya ja wa shagon nan asarar da har yau idan na tuna raina ke ɓaci. Manajan wata masana'anta ne, wanda muka daɗe muna buga wa takardu, ya turo shi ranar Laraba da dare:

"Pls a buga notice, mun yi suspending night shift till Monday saboda gyaran gen. Kowa ya yi reporting by 7. Wanda bai zo ba za a yi mai deduction."

Aka mayar da shi Hausa tsaf, babu kalmar Turanci ko ɗaya: an dakatar da aikin dare har zuwa Litinin saboda gyaran janareta, kowa ya zo ƙarfe 7, wanda bai zo ba za a yanke masa albashi. Aka buga kwafi 40, aka kai da sassafe, aka liƙa. Karanta ta, za ka ce ba ta da aibu. Amma ramuka huɗu ne a cikinta, kuma duka an kwaso su ne daga saƙon aka zuba a takarda ba tare da an lura ba.

Na farko "till Monday". Daren Litinin za a koma aiki, ko Litinin na cikin kwanakin dakatarwa, sai Talata? "Har zuwa Litinin" ma haka take da fuska biyu, ba ta warware komai ba. Na biyu "kowa". Masu aikin dare kawai, ko har da na rana? Na uku "by 7", wanda shi kaɗai ya ƙunshi tambaya uku: bakwai na safe ko na yamma, daidai ƙarfe bakwai ko kafin bakwai, kuma a wace rana. Na huɗu yankan albashin: na yini ɗaya ne, ko na duk kwanakin, kuma wa zai yanke.

Abin da manajan yake nufi, wanda bai faɗa ba, shi ne masu aikin dare su koma zuwa da safe tare da na rana tun daga ranar Alhamis, har a gama gyara, sannan a koma aikin dare a daren Litinin. Ma'aikatan kuwa suka karanta cewa an ba su hutu. Alhamis, Juma'a, Asabar, babu wanda ya leƙo. Ranar Litinin wasu suka zo bakwai na safe, wasu bakwai na yamma, wasu ma sai Talata. Ƙarshen wata aka yanke wa kowa kwana uku, rigima ta tashi, ma'aikata suka ciro takardar daga bango suka ce ga abin da aka rubuta. Sai manajan ya ce shi ba haka ya faɗa ba, masu bugawa ne suka ɓata masa magana. Ya goge saƙon daga wayarsa, mu kuma ba mu ajiye hotonsa ba, wayar da ya shigo cikinta ma ta wani yaro ce da ya riga ya bar shagon. Ya riƙe kuɗin aikin wata uku da muke bin sa, ya kwashe cinikinsa ya kai wani wuri, ya kuma bi yana faɗa wa mutane ba mu iya Hausa ba. Mu da muka shekara muna gyara masa rubutu! Ko kwabo bai biya ba har yau.

Da an yi masa tambayoyin nan a daren, ga yadda sanarwar za ta fito, na sa kwanan wata don ka ga misali:

"An dakatar da aikin dare daga ranar Alhamis, 9 ga Mayu, zuwa ranar Lahadi, 12 ga Mayu, saboda gyaran janareta. Za a koma aikin dare ranar Litinin, 13 ga Mayu, da ƙarfe 7:00 na yamma. A ranakun aiki da ke tsakani, ma'aikatan dare za su riƙa zuwa aikin rana, kuma su kasance a bakin aiki kafin ƙarfe 7:00 na safe. Duk wanda bai zo ba, ofishin kuɗi zai yanke masa albashin ranar da bai zo ba."

Ka lura ta ninka saƙon tsawo. Haka aikin yake. Duk yaron da ya kawo mini sanarwa ta fi saƙon asali gajarta, na san bai tambayi kowa komai ba. Ka lura kuma da yadda aka faɗi ranar ƙarshe ta dakatarwa, aka sake faɗin ranar komawa daban. Maimaici ne, amma shi ke toshe gardama. Wata kuma da sunansa ake rubuta shi, kada ka sa 9/5, don akwai mai karanta shi 5 ga Satumba. Sannan ka haɗa sunan rana da kwanan wata, ka duba kalanda ka tabbatar sun dace, domin idan suka saɓa, rabin mutane za su bi ranar, rabi su bi lambar. "Gobe", "jibi", "mako mai zuwa", duk ba su da wurin zama a bango, tunda ba ka san ranar da mutum zai karanta ba. Lokaci kuma ba ya tafiya shi kaɗai a Hausa: na safe, na rana, na yamma, na dare.

Batun wane harshe za a zaɓa, mai karatu ake dubawa, ba mai turo saƙo ba. Idan direbobi, masu gadi da masu aikin inji ne za su karanta, kuma Hausa suka fi ji, Hausa za ka yi. Idan takarda ce da za ta shiga fayil ko ta je hedikwata inda ake aiki da Turanci, ka yi Turanci, kuma tambayoyin nan huɗu ba su canza ba. Idan ana bukatar duka biyun, takarda biyu cikakku za ka yi, ka jera su ka bi lamba bayan lamba ka ga sun yi daidai. Kada ka sake ka gauraya su a sakin layi ɗaya.

Yanzu kalmomin da ka ce kana canzawa. Ba kowace ake kora ba. Ofis, fom, fayil, manaja, kwamiti, rasit, alawus, waɗannan sun daɗe da zama Hausa, ka rubuta su yadda muke faɗinsu ka wuce. Wanda ya tsaya ƙirƙiro wa fom sabon suna wahalar da mai karatu kawai yake yi. Waɗanda ake kora su ne masu shigowa da rigarsu ta Turanci, irin "ya yi submitting", "an yi shifting", alhali muna da miƙawa, muna da ɗagewa. A nan ne kuma ake yin ɓarna mai tsada, domin mai saƙo yana jefa kalma yadda ta zo masa. Ɗage taro daban, soke shi daban: wanda aka ɗage yana da sabuwar rana, dole ka faɗe ta ko ka ce za a sanar. Dakatar da ma'aikaci daban, sallamarsa daban. "Query" takardar neman bayani ce, mutum yana da damar amsawa, kada ka mayar da ita hukunci. "Leave" kuwa idan ka ce hutu kawai ba ka gama ba, sai ka ce na shekara ne, na rashin lafiya ne, ko na haihuwa. Abin da kawai za ka bari da Turancinsa shi ne sunan da mutum zai gani a rubuce ya nema, kamar sunan da ke saman fom ko maɓallin da zai danna a kwamfuta. Idan ka fassara shi, zai je yana neman abin da babu.

Kalma ɗaya kuma ga abu ɗaya daga sama har ƙasa. Idan ka fara da "ma'aikatan dare", kada a layi na uku su zama "masu kwana", wani zai ce ba shi ake nufi ba.

Kanu, sa hannu, tambarin ofis, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai san su ba bai kai ya taɓa injin bugawa ba. Amma haruffa masu lanƙwasa, waɗanda waya ta koya muku zubarwa, dole su dawo. Na ga an liƙa "an hana baki shiga" a ƙofar ɗakin ajiya, ana nufin baƙi. Haka "za a" da "ba a", a rabe ake rubuta su. Sai muryar takarda: ka zubar da "pls", ka zubar da faɗan da manaja ya yi cikin fushi, amma kada ladabi ya sa ka sassauta umarni. Idan ya ce dole, kada ka rubuta "ana so", domin wanda bai bi ba zai ce ai roƙonsa aka yi.

Idan ka gama, ka miƙa wa mutum ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa, ka ce ya faɗa maka ranar da zai zo da ƙarfe nawa. In ya yi jim, koma ka gyara. Sannan ka tura wa manajan rubutun ƙarshe, ya amsa a rubuce cewa haka yake nufi. Kiran waya ba ya isa. Ka ɗauki hoton saƙonsa na farko da na amincewarsa, inda rana da lokaci ke fitowa, ka buga su, ka maƙala su a bayan kwafin da za ka ajiye a fayil, sannan ka kunna inji.