Wane layin sauti zan bari, wane zan cire daga fayil ɗin mkv?

"Jama'a, ina da fayil ɗin mkv mai layukan sauti huɗu, uku a cikinsu duk an rubuta Turanci, ɗaya Faransanci. Ina so in rage masa nauyi don in kalla a talabijin, amma ina tsoron kada in cire wanda ake buƙata. Ta yaya zan zaɓa?"

Malam, shawarata ta farko ita ce kada ka amince da sunan harshen da ke jikin layi har sai ka saurare shi da kunnenka, domin lambar `eng` harshe kawai take nunawa, ba ta faɗin abin da ake cewa a ciki. Fara da duba jerin layukan da mkvmerge, wanda yake zuwa tare da MKVToolNix:

```
mkvmerge -i tsoho.mkv
```

A irin waɗannan fayiloli da na sha gyarawa, abin da aka fi samu shi ne layi na 0 hoto, na 1 TrueHD mai tashoshi 7.1, na 2 AC-3 mai 5.1, na 3 AC-3 mai tashoshi biyu, sannan na 4 fassarar wani harshe. Wannan umarni lamba da nau'i kawai zai ba ka, saboda haka ka buɗe MediaInfo don ganin harshe da yawan tashoshi. Daga nan ka kunna fayil ɗin a VLC, ka tsallaka tsakiyar fim inda ake magana, ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wancan mai tashoshi biyun ba sautin fim ba ne zalla, sharhin darakta ne a kan sautin da aka rage wa ƙarfi, ko kuwa bayanin abin da ke faruwa a allo domin makafi. Farkon fim yakan yaudari mutum, tunda a minti na farko kiɗa ne kawai kuma duk layukan kan yi kama da juna.

Tsakanin na 1 da na 2, na'urarka ce za ta yanke hukunci. TrueHD ya fi inganci, amma talabijin da yawa ba sa karanta shi daga filashi, kuma alamar ita ce hoto ya tafi lafiya lau babu sauti ko kaɗan. AC-3 kuwa da wuya ka sami na'urar da ta ƙi shi. Lissafin nauyin ma yana goyon bayan AC-3. Fim na awa biyu daƙiƙa 7,200 ne, don haka AC-3 mai gudun kilobit 640 a daƙiƙa zai ci megabait 576, yayin da TrueHD, idan matsakaicin gudunsa ya kai megabit 4, zai ci gigabait 3.6. Layin sharhi mai kilobit 192 bai wuce megabait 173 ba, wato cire shi ba zai rage wani abin kirki ba, kuma idan kana son sharhin ba ka da dalilin yar da shi. Amma in kana da amfilifaya da lasifikoki masu karanta TrueHD, ko kana sa ran saye, to ka ajiye asalin fayil ɗin a wani wuri, domin abin da ka cire ba ya dawowa.

Game da harshe, ni ba na cire harshen da aka ɗauki fim da shi, ko da ba na jin sa, saboda muryoyin 'yan wasan na ainihi suna can; fassarar baki ce nake sadaukarwa idan wuri ya yi ƙaranci. Ka kuma kula da rubutun fassara na ƙasan allo, musamman ɗan gajeren nan da ke fitowa kawai idan wani a fim ya yi magana da baƙon harshe. Za ka gane shi da ƙarancin jimlolinsa idan ka kwatanta da cikakken, kuma wanda ya cire shi zai tarar da wurare da ake magana ba ya fahimtar komai.

Mu ɗauka sauti na 2 kaɗai za ka bari, cikakken rubutun shi ne na 5, gajeren kuma na 6, ga umarnin da zai fitar da sabon fayil:

```
mkvmerge -o sabo.mkv -a 2 -s 5,6 --default-track-flag 2:yes --forced-display-flag 6:yes tsoho.mkv
```

Sashen `--default-track-flag` yana da amfani domin layin da ka cire shi ne mai yiwuwa aka sa ya fara kunnuwa, kuma gara ka miƙa wannan alama ga wanda ya rage. Kwafa kawai ake yi ba tare da sake matse sauti ko hoto ba, shi ya sa inganci ba ya raguwa kuma aikin ba ya daɗewa. Idan da ffmpeg za ka yi, ka lura cewa `-map 0:a:1` layukan sauti kaɗai yake ƙirgawa daga sifiri, wato shi ne layi na 2 a lissafin mkvmerge. Kada ka goge tsohon fayil sai ka kunna sabon a kan talabijin ɗin kansa, ba a kwamfuta ba, ka kuma duba farko da tsakiya da ƙarshe.