Yadda Ake Taƙaita Maƙalar Bincike Kan Hanyar Isar da Saƙo a Ƙwayar Halitta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin bayokemistiri a nan Kaduna. An ba ni maƙala kan hanyar ERK a ƙwayoyin PC12 in gabatar a zaman bitar maƙalu na sashenmu cikin minti ashirin. Na karanta ta sau biyu, amma hotuna da sunayen furotin sun yi mini yawa. Ta ina zan kamo ta, kuma me zan bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shawarar farko da zan ba ki ita ce kada ki bi maƙalar sashe bayan sashe kamar yadda aka buga ta, domin wanda ya yi haka yakan ƙare da maimaita tsakure cikin dogon bayani, masu sauraro kuma su tashi ba su san ko hujjar ta tsaya ko ba ta tsaya ba. Abin da ake bukata daga gare ki shi ne ki fito da iƙirarin da marubutan suka yi, sannan ki nuna wane gwaji ne ya ɗauki nauyin kowane ɓangare na iƙirarin, da kuma inda gwajin ya gaza ɗauka.

Ki fara da zana hanyar da hannunki a takarda ɗaya, ba tare da kwafo zanen mujallar ba. Sinadarin da ke kawo saƙo, kamar EGF ko NGF, yana kama makarɓinsa a fatar ƙwayar halitta, makarɓin ya tayar da RAS, RAS ya tayar da RAF, RAF ya ɗora wa MEK fosfet, shi kuma MEK ya ɗora wa ERK, wanda ke shiga cibiyar ƙwayar ya taɓa furotin masu sarrafa karatun ƙwayoyin gado. Bayan kin zana, ki yi wa kibiyar da maƙalar ke magana a kanta da'ira, domin kusan kowace maƙala ta irin wannan fanni kibiya ɗaya ko biyu take gwadawa, sauran kuwa ta karɓe su ne daga ayyukan da suka gabata. Duk furotin ɗin da bai taɓa wannan da'ira ba kina iya barin sunansa, kuma da wannan kaɗai rabin nauyin da kike ji zai sauka.

Daga nan sai tambayar binciken, wadda ya kamata ki rubuta a jimla ɗaya da za a iya amsawa da e ko a'a. Ƙwayoyin PC12 sun samo asali ne daga wani ƙari na halittar da ke saman ƙodar ɓera, Greene da Tischler suka kafa su a 1976, kuma an san su da wani abin mamaki: EGF da NGF duka suna tayar da ERK a cikinsu, amma EGF yana ƙarfafa su su ci gaba da rabuwa, yayin da NGF yake sa su daina rabuwa su fitar da dogayen zaruruwa irin na ƙwayoyin jijiya. Bayanin da ya shahara, wanda Chris Marshall ya tattara a 1995, shi ne cewa tsawon lokacin da ERK ya yi yana aiki ne ke raba sakamakon biyu. Idan maƙalarki a kan wannan take, to jimlar "an yi nazarin rawar ERK a PC12" ba tambaya ba ce. Tambayar ita ce: shin daɗewar aikin ERK ce ke sa ƙwayar ta fitar da zaruruwa, ko kuwa tafiya kawai suke yi tare?

A kan hanyoyin gudanar da bincike ba sai kin daɗe ba. Babu mai bukatar jin sunan kamfanin da aka sayo sinadari a wurinsa. Ki faɗi irin ƙwayar da aka yi amfani da ita, da abin da aka zuba mata da yawansa, da lokutan da aka ɗebi samfuri, da abin da aka auna. Ki kuma duba ko an hana ƙwayoyin ruwan jini na abincinsu na wasu sa'o'i kafin gwaji, saboda wannan ruwa yana ɗauke da sinadarai masu tayar da ERK da kansu, kuma idan ba a cire shi ba samfurin minti sifili zai riga ya nuna aiki, bambancin da ake nema ya dushe.

Hotuna su ne inda ya kamata ki kashe fiye da rabin lokacinki. Mu ɗauka hoton farko westan bulot ne mai nuna `p-ERK` a minti 0, 5, 15, 30, 60 da 120 bayan an zuba EGF a rukuni ɗaya da NGF a ɗaya. Za ki ga tabo biyu a kowane layi, ɗaya bisa ɗaya, domin ERK1 yana da nauyin 44 kDa, ERK2 kuma 42 kDa. Abin da aka saba gani shi ne EGF ya sa tabon ya yi baƙi ƙirin wajen minti biyar sannan ya dushe cikin kamar sa'a guda, na NGF kuwa ya ci gaba da nunawa har sa'o'i. Kafin ki yarda, ki nemi jerin da ke ƙasa mai suna `total ERK`. Antibodin `p-ERK` yana gane furotin ɗin ne kawai idan fosfet ya hau kan Thr202 da Tyr204 na ERK1, ko makamantansu a ERK2, wato yana ƙirga fitilun da ke kunne, shi kuwa `total ERK` yana ƙirga dukan fitilun da ke gidan, a kunne ko a kashe. Idan tabon `p-ERK` ya ƙaru amma na `total ERK` ma ya ƙaru daidai da shi, to mai yiwuwa an zuba samfuri fiye da kima a wannan layi ne, ko kuma yawan furotin ɗin ne ya ƙaru ba aikinsa ba. Jerin GAPDH ko na actin yana nuna daidaiton zubi, amma ba ya maye gurbin `total ERK`. Ki kuma lura ko tabon ya cika ya haɗe da na maƙwabcinsa, domin idan hoto ya ƙoshi haka ba a iya auna ninkin ƙaruwa daga gare shi, ko da marubutan sun sa lamba a ƙasa.

Ko da wannan hoto ya fito tsaf, abin da ya nuna shi ne cewa daɗewar ERK da fitar zaruruwa suna zuwa tare. A nan ne masu gabatarwa da yawa suke zarce hujja, kuma a nan nake so ki tsaya ki gaya wa zauren a fili cewa ba a kai ga dalili ba tukuna.

Mataki na gaba shi ne a toshe hanyar a ga ko sakamakon zai ɓace, wato a ga ko hanyar wajibi ce. Yawanci za ki ga an zuba U0126, wanda ke hana MEK aiki, sau da yawa a kan 10 µM, sannan aka zuba NGF, zaruruwa kuma suka ragu. Abu uku za ki nema a wannan hoto. Ya kamata a ga rukunin da aka zuba wa DMSO kaɗai, tunda a cikinsa ake narkar da sinadarin. Ya kamata a ga bulot da ke tabbatar da cewa `p-ERK` ya faɗi da gaske a wannan gwajin. Kuma ya kamata a nuna cewa ƙwayoyin suna raye, domin ƙwayar da ke mutuwa ma ba ta fitar da zare. Bayan haka akwai matsalar da ta fi waɗannan zurfi, wato U0126 yana iya taɓa hanyar MEK5 da ERK5 idan yawansa ya hau, saboda haka sinadari ɗaya bai isa a ɗora masa dukan hukunci ba. Maƙala mai ƙarfi takan ƙara da wata hanya dabam, kamar rage furotin ɗin da siRNA, sannan ta mayar da shi cikin ƙwayar ta nuna cewa zaruruwan sun dawo. A ganina wannan gwajin mayarwa shi ne mafi daraja a irin waɗannan maƙalu, kuma idan babu shi ki ambata.

Mataki na uku shi ne a kunna hanyar ba tare da NGF ba a ga ko ita kaɗai ta wadatar. An yi wannan a ɗakin binciken Marshall a 1994, inda aka sa wa PC12 nau'in MEK1 da aka sauya ya zama kullum a kunne, ƙwayoyin kuma suka fitar da zaruruwa. A shekarar kuma wasu masu bincike suka nuna cewa idan aka yawaita makarɓin EGF a cikin PC12, EGF ɗin da kansa yana sa su fitar da zaruruwa. Ki duba ko maƙalarki tana da gwaji irin wannan, sannan a kan kowane hoto ki rubuta wa kanki kalma ɗaya: tare, ko wajibi, ko wadatarwa. Idan taken maƙalar ya ce ERK ne ke haddasa abu alhali hotunanta duka na "tare" ne, kin samo babban abin da za a tattauna.

Game da jadawalin ginshiƙai, ki karanta rubutun da ke ƙasan hoto ki ga me `n = 3` ke nufi. Gwaji uku da aka yi a ranaku dabam da ƙwayoyi dabam ba ɗaya ba ne da rijiyoyi uku na faranti ɗaya, domin na biyun yana auna ƙwarewar hannun mai zubi ne kawai. Ki kuma duba ko sandunan da ke kan ginshiƙan SD ne ko SEM, tunda SEM kullum ya fi gajarta, yana sa sakamako ya yi kamar ya fi daidaituwa. A batun zaruruwa, ki nemi ma'aunin da aka bi kafin a ce ƙwaya ta fitar da zare, da kuma ko mai ƙirgawa ya san rukunin da yake dubawa.

Idan kin zo kan iyakokin binciken, ki guji jimlar nan ta "ana bukatar ƙarin bincike", wadda ba ta gaya wa kowa komai. Ki raba abin da ya raunana hujjar a cikin gwajin kansa da abin da ya taƙaita faɗinta. Rashin gwajin mayarwa yana cikin na farko. Kasancewar PC12 ƙwayoyin ƙari ne na ɓera, ba ƙwayoyin jijiyar mutum ba, yana cikin na biyu, haka ma cusa furotin fiye da yadda ƙwaya ke yinsa a ɗabi'arta. Akwai kuma iyakar da ta shafi bulot musamman: yana niƙe dubban ƙwayoyi wuri ɗaya ya ba da matsakaici, saboda haka tabo mai rabin ƙarfi yana iya nufin kowace ƙwaya ta kunnu rabi, ko kuma rabin ƙwayoyin sun kunnu gaba ɗaya sauran ba su motsa ba, kuma sai an auna ƙwaya ɗaya-ɗaya ake rarrabewa.

Minti ashirin ɗin kina iya raba su haka: uku ga zanen hanya da tambaya, biyu ga hanyoyin bincike, goma sha ɗaya ga hotuna uku ko huɗu da kika zaɓa, huɗu ga iyakoki. Kada ki haska hoto mai ɓangarori takwas gaba ɗaya. Ki yanko ɓangaren da kike magana a kansa ki faɗaɗa shi, ki fara da faɗin abin da ke kowane layi kafin ki faɗi sakamako. Yana da kyau ki buga bulot ɗin farko a takarda ki raba, saboda majigi yakan wanke tabo mai rauni, wuta ma tana iya ɗaukewa. A silaid na ƙarshe ki rubuta gwaji ɗaya da za ki yi da maƙalar taki ce, misali a bar NGF ya yi aiki na sa'a ɗaya sannan a zuba U0126, domin a ga ko aikin ERK na sa'o'in baya ne ake bukata ko na mintunan farko ya isa, sai ki buɗe wa malamanki da abokan karatunki fili su faɗi abin da suke tsammanin za a gani.